Yadda Ake Warware Ikweshan Difarenshiyal Mai Rabuwa Daga Hoto, a Kuma Gwada Amsar

Wata ɗaliba ta taɓa turo min hoton tambaya daga littafin abokiyar karatunta, tare da aikin da ta cika shafi biyu da shi. Ta ce ta yi ta yi, x da y sun ƙi rabuwa, tana ganin malamin ne ya yi kuskure. Da na faɗaɗa hoton sai na ga inda matsalar take. An ɗauke shi ne littafin yana buɗe, shafin ya lanƙwasa ta wajen ɗinki, harafin ƙarshe na layin ya shige cikin inuwa. Ita ta karanta `2xy − 6`, alhali abin da aka rubuta `2xy − 6x` ne. Rashin wannan x guda ɗaya ya mayar da tambayar wata iri dabam, wadda hanyar rabawa ba ta aiki a kanta.

Da wannan tambayar za mu yi aiki daga farko har ƙarshe:

```
dy/dx = 2xy − 6x,    y(0) = 5
```

Abin da ake nema shi ne y a matsayin abin da ya dogara da x, wanda saurin sauyawarsa, wato dy/dx, ya yi daidai da ɓangaren dama a kowane wuri, kuma idan x sifili ne y ya zama 5.

Fara da kwafe tambayar da hannunka

Kada ka fara lissafi kana leƙen waya. Faɗaɗa hoton, ka kwafe tambayar a saman takardarka harafi bayan harafi, sannan ka sake bin ta daga dama zuwa hagu kana gwamawa da hoton. Idan ka bi ta hanyar da aka saba karatu, ido yakan cike gurbi da abin da yake tsammani. Idan ka biyo ta baya, dole ka kalli kowace alama ita kaɗai.

Alamomin da hoto ya fi cinyewa ƙanana ne. Alamar debewa ɗan gajeren layi ce, idan ta faɗa kan layin takarda ko hasken fitila ya haske allon sai ta ɓace. Ɗan karan da ake sawa a kafaɗar y, kamar a `y'`, yana kama da ƙura ko tabon alli, amma shi ne gaba ɗaya abin da ya mayar da tambayar ta difarenshiyal. Wannan rubutun na Lagrange ne, `dy/dx` kuma na Leibniz, ma'anarsu ɗaya. Idan ka ga karan biyu, `y''`, tsaya, wannan wata tambaya ce da ba a bi da ita ta wannan hanya. Sai ƙaramar lamba ta sama: a hoton da aka ɗauka a karkace, `y²` takan sauko ta yi kama da `y2`, kuma `e^(2x)` takan yi kama da e² sau x. Haka nan layin raba: duba inda ya fara da inda ya ƙare, domin `(x + 1)/y` da `x + 1/y` ba abu ɗaya ba ne, na farko yana rabuwa, na biyu ba ya rabuwa.

Duba gefunan hoton kuma. Sharaɗin farawa, irin `y(0) = 5`, sau da yawa a can ƙarshen layi ake rubuta shi ko a layin ƙasa, kuma shi mai ɗaukar hoto ya fi yankewa. Idan wata alama ta ƙi karantuwa duk yadda ka faɗaɗa, ka nemi a sake ɗauko hoton daga sama kai tsaye, a danne shafin ya kwanta. Idan hakan ba zai yiwu ba, rubuta a saman aikinka yadda ka karanta ta, don mai dubawa ya san a kan me ka gina.

Shin tana rabuwa?

Ana cewa ikweshan tana rabuwa idan za a iya rubuta ɓangaren damanta a matsayin abu biyu da aka ninka, ɗaya x kaɗai ke cikinsa, ɗayan y kaɗai:

```
dy/dx = g(x) · h(y)
```

Sharaɗin ninkawa ne, ba tarawa ba. `x + y` ba ta rabuwa duk da x na gefe y na gefe. Tamu kuwa da farko tana kama da debewa, amma 2x yana cikin kowane yanki, sai a fito da shi waje:

```
dy/dx = 2x(y − 3)
```

To ga g(x) = 2x, ga h(y) = y − 3.

Akwai ɗan gwaji da nake so, wanda zai iya ceton ɗalibar nan daga shafi biyu na wahala. Kira ɓangaren dama f(x, y). Zaɓi lambobi biyu na x da biyu na y, ka lissafta f a haɗuwa huɗun, ka ninka su a gicciye. Idan tambayar mai rabuwa ce, dole sakamakon biyu su zo ɗaya. Mu gwada abin da ta kwafo, `2xy − 6`, da x = 0 da 1, y = 0 da 1:

```
f(0,0) · f(1,1) = (−6)(−4) = 24
f(0,1) · f(1,0) = (−6)(−6) = 36
```

24 ba 36 ba ce, saboda haka babu dabarar da za ta raba ta. Idan tambayar ta fito daga babin rabawa kuma gwajin ya faɗi haka, abin da ya fi dacewa ka zarga shi ne karatunka na hoton. Sai dai gwajin hanya ɗaya yake yanke hukunci. Idan lambobin sun bambanta, tabbas ba ta rabuwa. Idan sun zo ɗaya, alama ce mai kyau kawai, sai ka fito da g da h a fili kafin ka tabbatar.

Kafin ka raba, duba abin da za ka raba da shi

Mataki na gaba shi ne a raba ɓangarorin biyu da `y − 3`. Amma ba a rabawa da sifili, kuma `y − 3` sifili ne idan y = 3. Don haka ka tsaya ka tambayi kanka: shin y = 3, lamba tsayayya da ba ta motsi, amsa ce? Abin da ba ya sauyawa dy/dx ɗinsa sifili ne. Ɓangaren dama kuma 2x(3 − 3), shi ma sifili. Ashe amsa ce. Rubuta ta a gefen takarda ka zagaye ta, za mu dawo kanta. Ɗalibai da yawa sukan tsallake wannan, su rasa amsa guda ba tare da sun san sun yar da wani abu ba.

Yanzu, muddin y ba 3 ba ne:

```
dy/(y − 3) = 2x dx
```

Duk abin da ke da y ya koma hagu tare da dy, duk mai x ya koma dama tare da dx. Ka lura dy da dx a sama suke zama. Idan ka tsinci dx a ƙarƙashin layin raba, ka juya wani abu ba daidai ba. Wani zai ce ai dy/dx ba ainihin lamba bisa lamba ba ce, yaya aka tsinka ta gida biyu? Tambayar tana kan hanya. Abin da ake yi a zahiri shi ne intigireshan na ɓangarorin biyu a kan x, dokar sarƙa kuma ita ce ta ba da damar mayar da na hagu ya koma a kan y. Tsinkawar gajeriyar hanya ce ta rubuta wannan, kuma tana kai mutum inda ya dace.

Intigireshan, da wurin da C take shiga

```
∫ dy/(y − 3) = ∫ 2x dx
ln|y − 3| = x² + C
```

C ɗaya ta isa, a dama. Kowane ɓangare yana da tasa, amma idan ka debe lamba tsayayya daga wata lamba tsayayya, lamba tsayayya za ka samu. Abin da ba a sassautawa shi ne lokacin shigarta: a wannan layin take shiga, nan take da gama intigireshan, kafin a fara kwance y. Ba ado ba ce da ake liƙawa a ƙarshen amsa. Sandunan nan biyu da suka kewaye `y − 3` su ma ka bar su, domin logaridim ba ya karɓar lamba mai alamar debewa, kuma ba mu riga mun san ko y ya fi 3 ko bai kai ba.

Don a kwance y, sai a ɗora ɓangarorin biyu a kan e:

```
|y − 3| = e^(x² + C) = e^C · e^(x²)
y − 3 = ± e^C · e^(x²)
```

A nan ne mafi yawan kuskure yake faruwa. C tana can sama tare da x², idan ta sauko ninkawa take yi, ba tarawa ba. `± e^C` lamba ce tsayayya da za ta iya zama komai ban da sifili, sai mu kira ta A. Yanzu koma ga amsar da ka zagaye a gefe. Idan muka yarda A ta zama sifili, y = 3 za ta fito. Ke nan a wannan tambayar amsar gefen ta samu wuri a cikin babbar amsa:

```
y = 3 + A·e^(x²)
```

A kowace lamba ce, har da sifili. Sai sharaɗin farawa. Sa x = 0, y = 5. Tunda e⁰ = 1, za ka samu 5 = 3 + A, wato A = 2:

```
y = 3 + 2e^(x²)
```

Da a ce hoton ya nuna y(0) = 1 ne, A za ta zama −2. Wanda ya jefar da sandunan nan tun farko zai ci karo da ln(−2) ya tsaya cak, yana zaton tambayar ba ta da amsa.

Mayar da amsar cikin tambayar

Daɗin wannan fannin shi ne ba sai ka jira wani ya gaya maka ko ka yi daidai ba. Intigireshan na iya wahala, amma fitar da dy/dx daga amsar da ke hannunka aiki ne mai bin doka. Ja layi ka raba takarda biyu, hagu da dama, ka lissafta kowane ɓangare shi kaɗai. Kada ka rubuta alamar daidai a tsakaninsu tun farko, domin abin da kake son ganowa ke nan.

A hagu, fitar da dy/dx. Lamba 3 ta ba da sifili. `e^(x²)` kuma, bisa dokar sarƙa, ta dawo yadda take an ninka ta da 2x:

```
Hagu:  dy/dx = 2 · 2x · e^(x²) = 4x·e^(x²)
```

A dama, ɗauki tambayar yadda take a hoton, duk inda ka ga y ka sa amsarka:

```
Dama:  2x(3 + 2e^(x²)) − 6x
     = 6x + 4x·e^(x²) − 6x
     = 4x·e^(x²)
```

Sun haɗu, kuma haɗuwar ta kowane x ce. Saura sharaɗin farawa, wanda gwajinsa dabam ne: y(0) = 3 + 2(1) = 5. Gwaji biyu ke nan, kuma cin ɗaya ba ya wadatar da ɗayan.

Na ce ka ɗauki tambayar yadda take a hoton, kuma da gangan na faɗa. Mayar da amsa yana gwada ta ne da ikweshan ɗin da ka sa ta a ciki, ba ya sanin ko ita ce aka tambaye ka. A ce tabon tawada ya sa ka karanta `2xy + 6x`. Za ka yi aiki mai tsabta ka samu `y = −3 + 8e^(x²)`. Idan ka mayar da ita cikin kwafinka, hagu da dama za su haɗu lafiya lau, y(0) ma zai ba da 5, ka rufe littafi da farin ciki kan tambayar da ba wanda ya yi maka. Amma idan ka sake buɗe hoton ka karanta shi da sabon ido, ka sa amsar a `2xy − 6x`, dama zai ba da `16x·e^(x²) − 12x`, hagu kuma `16x·e^(x²)` kawai. Wannan ragowar `−12x` ita za ta tona asirin. Shi ya sa nake cewa a lokacin gwaji ka rufe saman takardarka da hannu, ka koma ga hoton. Haka kuma kada ka yi gwajin da `2x(y − 3)`, siffar da kai ka fitar, domin idan a wajen fitar da 2x ɗin ka yi kuskure, gwajin ba zai gan shi ba.

Yadda amsar da ba daidai ba take kama

Bari mu bi kuskuren C ɗin nan mu ga yadda gwaji yake kama shi. Mutum ya manta da C, ya kwance y, sannan ya tuna ya liƙa ta a ƙarshe: `y = 3 + e^(x²) + C`. Ya sa sharaɗin farawa, 5 = 3 + 1 + C, ya samu C = 1, amsarsa ta zama `y = 4 + e^(x²)`. A ido ba ta da laifi, kuma y(0) = 5 ya fito daidai. Ga gwajin:

```
Hagu:  2x·e^(x²)
Dama:  2x(4 + e^(x²)) − 6x = 2x·e^(x²) + 2x
```

Ragowar 2x ta rage a dama. Kada ka yi saurin goge komai, ka kalli ragowar tukuna, domin tana nuna inda ciwon yake. Yankin da ke da e ya haɗu, ke nan intigireshan ɗin lafiya yake. Abin da ya ƙi haɗuwa lamba ce tsayayya sau 2x, wannan kuma yana nuni ga C da aka tara a inda ya kamata a ninka. Idan ka ga hagu da dama sun zo iri ɗaya amma alamarsu ta saɓa, nemi alamar debewa da ta faɗi a hanya. Idan ɗaya ninki biyu ne na ɗayan, duba ko ka mayar da intigireshan na 2x ya zama 2x² ko x²/2 maimakon x².

Akwai tarko a nan ga masu gwadawa da lamba. Idan ka zaɓi x = 0 saboda sauƙi, wannan gurɓatacciyar amsar za ta ba ka sifili a hagu, sifili a dama, ta wuce. Kowace amsa ma za ta kusan wucewa, tunda 2x yana kashe ɓangaren dama a wurin. Zaɓi lambar da ba ta kashe komai. A x = 1, gurɓatacciyar ta ba da kimanin 5.437 a hagu da 7.437 a dama. Ta gaskiyar kuwa, y(1) kimanin 8.4366 ne, dama ya ba da 2(8.4366) − 6, wato kimanin 10.873, hagu kuma 4e, shi ma 10.873.

Idan ba ka amince da yadda ka fitar da dy/dx ba, kalkuleta za ta iya yi maka shaida ba tare da dokar sarƙa ba. Lissafta y a ɗan gaba da 1 da ɗan baya da shi, ka raba bambancin da tazarar:

```
y(1.001) ≈ 8.447453
y(0.999) ≈ 8.425707
0.021746 / 0.002 ≈ 10.873
```

Ka riƙe lambobi shida bayan ɗigo a wannan lissafin. Idan ka yanke su zuwa biyu, debewar za ta cinye duk abin da kake nema.

Inda amsar gefe ba ta shiga, da inda amsa take ƙarewa

A tambayarmu abubuwa biyu sun zo da sauƙi: y = 3 ta samu wuri a cikin babbar amsa, kuma `3 + 2e^(x²)` tana da ma'ana a kowane x. Ba kullum ake samun haka ba. Ɗauki wannan, wadda ƙaramar 2 ta sama ce kawai ta bambanta ta da `2xy`, irin lambar da hoto mai hazo yake ɓoyewa:

```
dy/dx = 2xy²,    y(0) = 1
```

Amsar gefe ita ce y = 0. Raba, ka yi intigireshan:

```
dy/y² = 2x dx
−1/y = x² + C
y = −1/(x² + C)
```

Duk lambar da ka ba C, wannan ba za ta taɓa zama sifili ba. Don haka idan babbar amsa aka nema, dole ka rubuta y = 0 a layinta dabam, in ba haka ba amsarka ba ta cika ba. Gwajin mayarwa ba zai tuna maka da ita ba, domin yana tantance abin da ka kawo ne, ba ya ƙirga abin da ka bari a baya.

Da sharaɗin y(0) = 1, −1 = 0 + C, sai y = 1/(1 − x²). Hagu ya ba da `2x/(1 − x²)²`, dama ya ba da 2x sau `1/(1 − x²)²`, sun haɗu. Amma dubi ƙasan layin raba: a x = 1 da x = −1 sifili ne, kuma yayin da x ke matsowa kusa da su y yana hauhawa ba iyaka. A x = 0.9 ya kai kimanin 5.26, a x = 0.99 ya haura 50. Amsar da ta taso daga x = 0 ba za ta iya tsallake wannan katangar ba. Idan ka sa x = 2, lissafin zai ba ka −1/3, hagu da dama ma za su haɗu a wurin, amma wannan yanki ne dabam da ba shi da alaƙa da sharaɗin da aka ba ka. Saboda haka a ƙarƙashin amsar sai ka ƙara rubuta iyakarta:

```
y = 1/(1 − x²),    −1 < x < 1
```